Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Fayil Ke Kwana a Ofis?

Tambaya: Malam, an koya mana cewa tsarin aikin ofis da Max Weber ya zayyana ya fi kowane tsari inganci. To me ya sa takarda ɗaya ke cin watanni a ma'aikata? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, Weber, masanin zamantakewa ɗan ƙasar Jamus da ya rasu a 1920, bai ce akwai ofishin da ya cika wannan siffa ba. Ma'auni ya zana don a riƙa gwada ofisoshi da shi.

A ma'aunin nasa, kowane ma'aikaci yana da na gaba da shi da zai ba shi umarni, ya kuma duba aikinsa. Ana aiki da doka rubutacciya, komai ya shiga fayil, ta yadda ko mai kujera ya tafi, aiki ba zai bi shi ba. Ɗaukar aiki kuwa da jarrabawa da takardar shaida ake yi, ba da sanayya ba. Kujerar ba gadon gidan kowa ba ce, albashi kawai ake biyan mai zama a kanta. Manufar ita ce ɗan sarki da ɗan talaka su sami amsa ɗaya a teburi ɗaya.

Sai dai cutar tana cikin maganin. Ɗauki misalin tsohon malami mai neman fansho. An rubuta Muhammad a takardar kama aikinsa, a ta banki kuma Mohammed. Akawu ya san shi sarai, wataƙila ma tsohon ne ya koyar da shi. Amma doka ta ce sunaye su zo daidai, kuma ba a ba akawu ikon gyara ba. Sai ya tura fayil ga shugaban sashe, shi kuma ya miƙa wa darakta, darakta ya ce a kawo takardar rantsuwar kotu, fayil ya sake gangarowa ta hanyar da ya hau. Ba wanda ya karya doka, ba kuma wanda ya biya tsohon.

Wannan ne Robert Merton, masani ɗan Amurka, ya bayyana a 1940: ma'aikacin da aka horar a kan bin ƙa'ida yakan mayar da ita manufa, ya manta abin da aka kafa ta dominsa. Ba dole rago ne ba. Lissafi ya yi, domin kuskure na jawo takardar tuhuma, jinkiri kuwa da wuya ya jawo komai.

Cancanta ma da nata naƙasun. Takardar shaida karatu take nunawa, iya aiki kuwa sai an gani, kuma wanda ya riga samun makaranta shi ke cinye jarrabawa. Wannan na cikin dalilan da suka sa kundin tsarin mulkin Najeriya na 1979 ya shigo da raba daidai.

A ganina, ofishin da ya ba ƙaramin ma'aikaci ikon yanke ƙananan hukunce-hukunce, ya kuma sa wa kowane fayil wa'adi, ya rage rabin wahalar ba tare da ya buɗe ƙofar alfarma ba.