Darasi: Ƙidayar Ranakun Aiki a Excel

Kasuwar Mile 12 a Legas ita ce masaukin tumatir da albasa da tattasai da ake kawowa daga Arewa. Dillalai a can suna da akawu da yaran shago, wasunsu kuɗin yini ake biyansu, a tara musu zuwa ƙarshen wata. Kafin a biya, sai an san kwana nawa mutum ya yi yana aiki. Ƙirga da yatsa a jikin kalanda yana kawo gardama, musamman a watan da Sallah ta faɗo ciki. Excel yana yin wannan lissafi, matuƙar ka gaya masa ranakun hutu.

Rubuta ranaku

Mu ɗauki watan Yuni na 2025. Kwanansa 30, ya kama ranar Lahadi. Gwamnatin Tarayya ta ba da hutun Babbar Sallah ranar Juma'a 6 da Litinin 9 ga wata. Alhamis 12 ga wata kuma Ranar Dimokuraɗiyya ce.

Shafin Excel gida-gida ne, kowane gida da sunansa. A gidan A2 sa ranar farawa, 1 ga Yuni. A gidan B2 sa ranar gamawa, 30 ga Yuni. Ranakun hutun nan uku kuma ka jera su a D2 da D3 da D4. Sai ka je gidan C2 ka buga wannan:

```
=NETWORKDAYS(A2,B2,D2:D4)
```

Amsa za ta fito 18. Ga yadda aka same ta: watan yana da Asabar 4 da Lahadi 5, wato kwana 9. In an cire su daga 30, saura 21. A cire hutu 3, saura 18. Ka sani Excel yana ƙirga ranar farawa da ta gamawa duka. Hutun da ya faɗo ranar Asabar ko Lahadi kuwa ba ya cire shi sau biyu.

Wanda yake aiki ranar Asabar

Lissafin da muka yi na ma'aikacin banki ne ko na ofis. Ɗan kasuwa ba ya rufe shago ranar Asabar. In yaron shagonka Lahadi kaɗai yake hutawa, buga wannan:

```
=NETWORKDAYS.INTL(A2,B2,11,D2:D4)
```

Lambar 11 tana nufin hutun mako Lahadi ce kawai. In Juma'a yake hutawa, sa 16 a madadinta. Da lambar 11 amsa 22 ce: kwana 30, a cire Lahadi 5, a cire hutu 3. Wannan hanya tana aiki a Excel na 2010 da waɗanda suka biyo bayansa.

A ce kuɗin yininsa Naira 5,000 ne. Kwana 18 Naira 90,000 ke nan, kwana 22 kuwa Naira 110,000. Wanda ya yi wa yaron kasuwa lissafin ofis ya ci masa Naira 20,000 ba tare da ya sani ba.

Inda ake kuskure

Na farko, Excel bai san hutun Najeriya ba. Ranar 1 ga Oktoba da Kirsimeti suna nan a wurinsu kowace shekara, amma Sallah da Maulidi suna bin ganin wata. Saurari sanarwar Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, sannan ka ƙara ranar a jerinka. In ka ƙara ta a D5, mayar da D2:D4 zuwa D2:D5, in ba haka ba, ba za a cire ta ba.

Na biyu, tsarin kwanan wata. Mu rana muke fara rubutawa kafin wata, amma kwamfutar da aka saita ta a tsarin Amurka wata take fara karantawa. Sai ka buga 12/6/2025 kana nufin 12 ga Yuni, ita ta ɗauka 6 ga Disamba ce. Hutun ya fita daga cikin watan ke nan, amsa ta ƙaru. In ta kasa gane ranar gaba ɗaya, kamar 30/6/2025, za ka ga rubutun ya maƙale a gefen hagu na gidan, amsa kuma ta fito #VALUE!. Maganinsa ka rubuta shekara, sai wata, sai rana, kamar haka:

```
=DATE(2025,6,12)
```

Aikin gida

1. Oktoba 2025 kwanansa 31, ya kama ranar Laraba, wadda ita ce ranar hutun samun ƴancin kai. Nemo ranakun aikin ma'aikacin ofis. In ka samu 22, ka yi daidai.
2. Nemo na yaron shagon da yake hutawa Lahadi kaɗai.

Kafin ka biya ma'aikaci, ka nuna masa jerin ranakun hutun da ka cire, ku yarda a kansu, sannan ka ba shi haƙƙinsa cif.