Yadda Ake Karanta Takardar Rabon Maki

Iyaye da ɗalibai, duk yaron da ya kai aji uku na JHS a Gana, ko a Nima yake ko a Maamobi, zai rubuta jarrabawar BECE wadda hukumar WAEC ke shiryawa. Malaman da ke duba amsoshi suna bin wata takarda mai nuna makin kowane mataki na amsa. Ita ce takardar rabon maki. A darasin lissafi, haruffa uku za ku riƙa gani a gefen amsa.

M1 maki ɗaya ne na hanya, wato yaro ya bi hanyar da ta dace. A1 maki ɗaya ne na amsar da ta fito daidai, amma sai an sami makin hanya ake ba da shi. B1 maki ne mai zaman kansa, ana ba da shi idan abin da aka rubuta daidai ne.

Ga misali. Wata 'yar kasuwa a Tudu ta sayi buhun shinkafa sidi 400, ta sayar sidi 500. Kashi nawa cikin ɗari ta ci riba? Ana iya raba maki uku kamar haka:

```
500 − 400 = 100      B1
100 ÷ 400 × 100      M1
= 25%                A1
```

Mu ɗauki yara biyu. Dukansu sun fitar da ribar sidi 100, kuma dukansu sun ƙare da 20%, wanda kuskure ne. Na farko ya raba 100 da 400 kamar yadda ya kamata, sai ya yi tuntuɓe wajen lissafin ƙarshe. Makinsa biyu: B1 da M1. Na biyu ya raba 100 da 500, wato kuɗin sayarwa maimakon kuɗin saye. Hanyarsa ce ta kauce, don haka makinsa ɗaya tak. Amsa iri ɗaya, maki daban.

Akwai kuma yaron da ya yi lissafi a ka, ya rubuta 25% kawai. Ko da amsar daidai ce, zai iya rasa makin, domin mai dubawa bai ga hanya ba.

Saboda haka, bayan jarrabawar gwaji, yaro ya roƙi malaminsa takardar rabon maki, ya ajiye ta kusa da amsarsa, ya bi layi-layi. Idan M yake yawan rasawa, bai gane darasin ba, sai ya koma wurin malam. Idan A yake rasawa, gaggawa ce, sai ya riƙa sake duba lissafinsa kafin ya wuce.

Ko ba ku jin Turanci, kuna iya taimakawa. Ku buɗe littafin yaronku, ku ce ya nuna muku matakan da suka kai shi ga amsa. Idan lamba ɗaya kuka gani ba komai a samanta, ku sa shi ya sake rubutawa, kowane mataki a layinsa.