Ƙa'idar Amfani da et al. Yayin Sauya Salon Madogara

Kalmar `et al.` taƙaitawa ce daga Latinanci, ma'anarta "da wasu". Lokacin da ake amfani da ita ya dogara ne da salon madogara da mujalla ta zaɓa, da kuma bugun salon. Haka nan ƙa'idar cikin matani daban take da ta jerin manazarta, kuma a nan ne ɗalibai da yawa kan yi tuntuɓe.

Littafin Hausar Yau da Kullum (1991), wanda Leben da Zaria da Maikafi da Yalwa suka rubuta, zai iya zama misali. A bugu na 6 na salon APA, aikin da ke da marubuta uku zuwa biyar ana kawo sunayensu duka a ambato na farko, sannan a taƙaita daga baya. Bugu na 7 ya soke wannan: da zarar marubuta sun kai uku, tun farko za a rubuta `(Leben et al., 1991)`. Amma a manazarta dole a jero duk huɗun, domin wannan bugu yana buƙatar sunaye har zuwa 20. Mai rubutun da ya saba da tsohon bugu yakan gauraya biyun bai sani ba, kuma editan da ya ga sunaye huɗu a cikin baka zai gane hakan nan take.

Salon MLA, bugu na 9, ya fi tsanantawa. Daga marubuta uku zuwa sama, sunan na farko kaɗai ke fitowa, a matani da manazarta baki ɗaya; a manazarta ana rubuta `Leben, William R., et al.` Saboda haka, ta fuskar yawan marubutan da ake jerowa, sauya maƙala daga APA zuwa MLA sharewa ce kawai. Akasin haka kuwa aiki ne ja, domin sunayen Zaria da Maikafi da Yalwa ba sa ko'ina a cikin maƙalar. Sai an koma ga littafin an ɗauko su bisa jerin da suke a shafin take. Shi ya sa ya fi dacewa mai nazari ya adana cikakkun sunaye tun ranar da ya fara karanta aiki, ko da salon da yake bi bai nema ba.

Akwai togaciya guda a APA. Idan ayyuka biyu suna da marubucin farko ɗaya da shekara ɗaya, amma sauran marubutan sun bambanta, taƙaitawa za ta mayar da su abu guda. A nan sai a ƙara sunaye har bambancin ya bayyana, sannan a sa `et al.` Idan kuwa suna ɗaya tak ya rage, rubuta shi za a yi, domin kalmar jam'i ce, ba ta tsayawa a madadin mutum guda.