Tace Gyare-gyaren Masu Duba Daftari: Misali Daga Tudun Jukun

Wannan ɗan nazari zai duba yadda mai rubutu zai zaɓi gyaran da zai karɓa idan bakin masu duba masa daftari ya saɓa. A ɗauki misalin ɗalibi mazaunin Tudun Jukun, mai neman gurbin digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya rubuta takardar bayanin manufarsa, shafi guda, a kan karin harshen Zazzaganci. Ya ba malamai biyu da abokai biyu su duba.

Aboki na farko ya bi misalan ɗalibin ya mai da "rigan Audu" ta koma "rigar Audu". Irin wannan gyara ba ya bukatar dogon tunani, domin ana iya auna shi da ƙa'ida. A daidaitacciyar Hausa maɗaurin sunan mace shi ne -r, saboda haka a cikin bayanin ɗalibin na kansa abokin yana da gaskiya. Amma a cikin misalan, wannan -n ɗin ita ce ainihin abin da ake son nazari, tun da Zazzaganci ya yi fice wajen rashin bambanta jinsi a wannan gurbi. Gyara ta kuwa tamkar share hujjar binciken ne.

Saɓanin malaman ya fi wuyar warwarewa. Ɗaya ya ce a cire sakin layi na biyu, wai surutu ne. Ɗayan ya ce a faɗaɗa shi. Abin lura a nan shi ne, duk su biyun wuri ɗaya suka yi tuntuɓe. Wato ciwon tabbas ne, maganin ne kowa ya kawo nasa. Da aka sake karanta sakin layin, sai ga shi jimla shida ne na yabon tarihin Zazzau, babu inda aka faɗi wa za a saurara, ko a ina. Ɗalibin ya zubar da yabon, ya sa jimla uku: zai naɗi maganar dattawa a cikin birnin Zariya, ya kwatanta da ta matasan Tudun Wada, inda baƙi suka cuɗanya da 'yan gari. Da haka sakin layin ya gajarta kamar yadda na farko ya so, ya kuma ƙara nauyi kamar yadda na biyu ya nema.

Aboki na biyu ya so a buɗe da karin magana. Wannan sha'awa ce kawai, aka bar ta. Sai dai ya kuma ce bai gane tambayar binciken ba sai da ya kai ƙarshen shafi. A wannan fage shaidar aboki takan fi ta malami, don malamin ya riga ya san batun, yana cike giɓi da saninsa ba tare da ya ankara ba. Mai tantance takardu kuwa, da tarin takardu a gabansa, ba zai jira ƙarshen shafi ba. Sai aka ɗauko tambayar aka mai da ita jimlar farko.