Darasi Daga Labarin Baba Mutuniyar Karo



Wataƙila a gidanku akwai wanda al'amura suka tsaya masa cik. Yaya ya gama makaranta shekara uku ke nan babu aiki, ko baba jarinsa ya karye, ko inna ta daɗe a ɗakin miji ba ta ga haihuwa ba. Irin wannan mutum in ka ba shi tarihin sarki ko na babban attajiri, sai ya ce maka ai wannan daban, ni daban. Shi ya sa darasinmu na yau ya ɗauko labarin wata tsohuwa wadda ba ta da sarauta, ba ta da dukiya, ba ta ma iya rubutun boko ba.

Sunanta Baba. An haife ta a 1877, ta tashi a Karo, wani ɗan ƙauye kusa da garin Zarewa, wajen iyakar ƙasar Kano da ta Zazzau. Danginta asalinsu Barebari ne, mahaifinta manomi ne kuma malamin allo. A 1949 zuwa 1950, tana zaune a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta da Hausa. Ita kuwa ta rubuta, ta juya shi zuwa Turanci, littafin ya fito a 1954 da sunan Baba of Karo. Baba ba ta gan shi ba, don ta rasu a 1951. Na Hausar sai a 1991 aka buga shi.

To, wace wahala ta sha? Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama. Ta tashi a zamanin hari, lokacin da mutanen ƙauye in sun ji labarin mahara sai su bar gona su ruga cikin gari mai ganuwa. An kama wasu daga danginta, sai da 'yan'uwa suka tara kuɗin wuri aka fanso su. Kada kuma mu ɓoye ɗaya gefen: gidansu ma suna da bayi. Da Turawa suka ci Kano a 1903, tana da shekara ashirin da shida, bayi da yawa suka kama gabansu, gonar da hannu da yawa ke nomawa ta koma wuyan 'yan gida. Ga bawa wannan 'yanci ne, ga gidan su Baba kuwa karayar arziki ce, ita kuma ta ba da labarin yadda ta gan shi.

Amma abin da ya fi tsaya mata shi ne haihuwa. Ta yi aure sau huɗu, ba ta haifi ɗa ko ɗaya ba. Na fari auren zumunta ne, ta yi shi don biyayya ga mahaifinta, bai ɗore ba. Na biyu, da Malam Maigari, ya kai shekara goma sha biyar kafin su rabu. Ka tsaya nan ka lissafa, ɗalibi. Kai da kake aji biyar, wataƙila shekarunka duka ba su kai haka ba. Wata bayan wata tana sa rai, ana suna a maƙwabta, ita tana zuwa barka.

A nan ne masu karanta irin waɗannan littattafai suke kuskure. Shekara goma sha biyar a littafi 'yan shafuka ne, ka wuce su kafin tuwo ya huce. Sai mai karatu ya ga kamar wahalar wasu gajeruwa ce, tasa ce kaɗai mai tsawo. Don haka in ka sami labarin wanda ya sha wuya, kada ka yi saurin zuwa ƙarshe don ka ga yadda ya fita. Ɗauki fensir, ka rubuta shekarun a gefe, sa'an nan ka tambaya: a cikin shekarun nan da ƙofa take rufe, me yake yi da safe, me yake yi da yamma, wa yake zuwa wurinsa?

In ka yi wa labarin Baba wannan tambaya, za ka ga ba ta zauna jiran abu ɗaya ba. Ƙofar haihuwa ba ta buɗe ba har ta koma ga Allah. Abin da ta yi shi ne riƙo: dangi suka ba ta 'ya'ya, ta rene su, ta yi musu aure, ta ga jikoki ta wannan hanya. Riƙo ba ya canza nasaba, yaro yana nan ɗan ubansa, kamar yadda kuka koya a aji. Amma wanda ka goya, ka yi jinyarsa, ba ya mance ɗakinka. Da ta auri mijinta na uku, Malam Hasan, manomi kuma mai tsaron gidan yari, sai ta zama uwa a unguwa, wadda ake kira in haihuwa ta zo, ake nema in za a ƙulla aure.

Sai kuma ƙawance, wanda littafin ya yi bayaninsa sosai. Matan zamaninta suna kaɗi da 'yan sana'o'in cikin gida, ɗan abin da suka samu kuma ba a tukunya kaɗai suke ajiye shi ba, suna ajiye shi a hannun mutane ta hanyar biki. Ga misali da kuɗin yanzu. Ƙawarki tana suna, kin kai mata naira ɗari biyu. Ranar da kike aurar da 'yar riƙonki, za ta kawo ɗari huɗu. Nata ya sake zagayowa, ki kai ɗari takwas. Kin ga a zagaye na biyar an kai dubu uku da ɗari biyu, shi ya sa in abin ya yi nauyi sai a yi shawara a koma ƙasa a sake farawa. Amfaninsa, ranar buƙatarki ba ki tsaya ke kaɗai ba. Haɗarinsa kuwa, bashi ne da aka yi wa ado, wadda ta ƙulla da mutum goma ba ta da sana'a, kunya za ta sha. Ni dai a ganina darasin ba ninkin ba ne. Darasin shi ne Baba ta halarci sunan 'ya'yan wasu shekara da shekaru, alhali ta san nata sunan bai zo ba, kuma waɗannan mutanen ne suka kewaye ta da ta tsufa.

Sai dai a yi hattara. Baba ta ba da labarin nan ta haura shekara saba'in, kuma tsufa yakan goge kaifin abu. Kukan da aka yi da dare ba duka ake tunawa ba, ba kuma duka ake faɗa wa baƙuwa ba. Sannan wanda ya tsira shi ke ba da labari. Waɗanda mahara suka tafi da su ba a fanso su ba, babu wanda ya rubuta nasu. Saboda haka kada ka ɗauki littafin ka dangwara wa yayanka marar aiki, ka ce ga wadda ta fi ka wahala. Ba zai ji daɗi ba, kuma bai kamata ba. Karanta masa kawai, ka bar shi ya tsinci abin da ya yi kama da nasa.

Aikin gida: ka je wurin kaka, ko wani tsoho na unguwarku, bayan la'asar. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Kaka, wace shekara ce ta fi miki tsanani?" In ta faɗa, kada ka tambaye ta yadda abin ya ƙare tukuna. Tambaye ta me ake ci a gidan a lokacin, wace sana'a ta riƙe, wa ya ba ta rance, shekara nawa aka yi a haka. Ka rubuta da ajami ko da boko, yadda ta faɗa da bakinta, kada ka gyara mata Hausa. In ta ce a bar wani abu, a bar shi. Ka kawo shafi biyu ranar Asabar.