Amsar Tambaya: Bidiyo Iri Ɗaya Sun Cika Mini Ma'aji

Tambaya: Malam, ina ɗaukar bidiyon biki. Ma'ajina ya cika da bidiyo masu maimaituwa, sunayensu daban-daban. Yaya zan gane su?

Amsa: Ɗan'uwa, kada suna ya ruɗe ka. Kowane fayil yana da lambar shaida da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa, kamar zanen yatsa. A Windows, buɗe PowerShell cikin jakar bidiyon, ka rubuta:

```
Get-FileHash *.mp4
```

Zai fito da lambar SHA256 mai haruffa 64 ga kowane fayil. Duk biyun da lambarsu ta zo ɗaya, abu ɗaya ne, ko da sunayensu sun bambanta. Ajiye ɗaya, ka goge ɗayan.

Sai dai akwai iyaka. Bidiyon da ya bi ta WhatsApp galibi an matse shi, don haka lambarsa za ta canza gaba ɗaya. Nan sai ka koma ga tsawon lokaci. Idan biyu duka minti 12 da daƙiƙa 40 ne, ɗaya megabait 900, ɗayan 60, kalli farkonsu da ƙarshensu. In hoto ɗaya ne, riƙe babban, shi ne na asali.

Tsawo kaɗai ba hujja ba ne. Kafin ka goge komai, ka tura shi wata jaka ya yi mako guda tukuna.