Ram ya wadata, me ya sa baƙo ke jan ƙafa?

Tambaya: Ina kula da sabar wata makaranta a Zariya. Na'ura ɗaya ce mai Proxmox, da ram gigabait 64, da furosesa mai ƙwaya 8, da faifai ɗaya mai juyi. A kanta akwai baƙi biyar, duka Linux. Baƙon da ke riƙe da rumbun bayanan ɗalibai yakan yi nauyi ƙwarai da hantsi, shafi ɗaya sai ya ɗauki rabin minti kafin ya buɗe. In na duba mai masaukin sai in ga kusan gigabait 30 na ram a zaune ba a taɓa ba. Na ƙara wa baƙon furosesa daga 4 zuwa 8, abin bai canza ba. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, na gode da ka turo alƙaluman da na nema bayan wasiƙarka, domin da su za mu yi aiki. Amma bari mu fara kawar da zancen ram ɗin. Gigabait 30 da kake gani a wurin mai masauki ba na baƙon ba ne. Baƙo yana rayuwa ne cikin abin da aka yanka masa. In ka ba shi gigabait 8, a nan duniyarsa ta tsaya, ko da sauran ram ɗin na zaune ba mai amfani da shi. Saboda haka ganin sarari a wurin mai masauki bai wanke ram ba, bai kuma nuna lafiyar sauran sassan ba. Na'urar da ta yi nauyi tana jiran wani abu ne, kuma aikinmu shi ne mu gano layin da ta tsaya a kai. Layukan da aka fi samu a irin sabarka biyu ne: na faifai da na furosesa.

Ana fara dubawa daga cikin baƙon, kuma a daidai lokacin da yake nauyin. Awon da aka yi da daddare ba zai gaya maka abin da ya faru da hantsi ba. Ga abin da ka samu da ƙarfe goma, na rage wasu ginshiƙan don ya karantu:

```
vmstat 1 5
 r  b  si  so  us sy id wa st
 1  6   0   0   6  3 48 41  2
```

Ka riƙa tsallake layin farko da `vmstat` ke bugawa, domin matsakaici ne tun daga kunna na'urar. Ginshiƙan `si` da `so` su ne ke nuna ko baƙon yana kwashe kayan ram zuwa faifai saboda ƙunci. Sifili ne duka, don haka ram ɗin baƙon ma ya ishe shi. Yanzu ne muka sallami ram da hujja. Ginshiƙin `r` yana ƙirga ayyukan da ke gudana ko suke jiran furosesa, guda ɗaya ne kacal. Ginshiƙin `b` kuwa yana ƙirga waɗanda suka tsaya cak suna jiran shiga da fitar bayanai, kuma shida ne. Sai `wa`, kashi 41 cikin ɗari: lokacin da furosesa ya zauna ba aiki alhali akwai buƙatar faifai da ba a amsa ba. Ka ga dalilin da ya sa ƙarin furosesa bai amfane ka ba. Huɗun farko ma zaman jira suke yi, ka kawo musu huɗu su taya su zama.

Sai dai baƙo ba ya ganin faifan gaskiya. Abin da yake gani yanki ne da aka ara masa, kuma baƙi biyar ɗin nan duk a kan faifai guda suke. Dole a koma wurin mai masauki a tambayi faifan kansa. Umarnin `iostat` yana cikin ƙunshin `sysstat`:

```
iostat -dx 2
Device  r/s  w/s r_await w_await aqu-sz %util
sda      95   50      70     110   12.1    99
```

A nan nake so ka daɗe. Faifai mai juyi 7200 a minti yana zagaye ɗaya cikin kusan milisakan 8.3. Kafin ya karanta wani abu, sai allurarsa ta matsa zuwa wurin, sannan ta jira juyin ya kawo wurin ƙarƙashinta. Wannan ne ya sa irin faifan nan ba ya wuce buƙatu ɗari da ɗoriya a daƙiƙa in buƙatun a warwatse suke. Naka yana amsa 95 na karatu da 50 na rubutu, 145 ke nan, ya kai maƙura. Da ba cunkoso, kowace buƙata za ta ɗauki milisakan goma ko kusa da haka. Ginshiƙan `r_await` da `w_await` suna cewa naka na ɗaukar 70 da 110, kuma yawancin wannan lokacin a layi aka ɓata shi. Tsawon layin shi ne `aqu-sz`, kuma kana iya tabbatar da shi da lissafi: 95 sau 0.070 a haɗa da 50 sau 0.110 ya ba da kusan 12. Kullum akwai buƙatu goma sha biyu a gaban allura ɗaya.

Yanzu ka auna shafin da malamai ke kuka da shi. In buɗe shi yana buƙatar karatu 400 daga faifai, ɗaya bayan ɗaya, a milisakan 70 kowane, daƙiƙa 28 ke nan. Ga rabin mintin da ka ambata.

Kada `%util` ya ruɗe ka gaba. A faifai guda mai juyi, 99 na nufin ya cika. A faifan es-es-di, wanda ke amsa buƙatu da yawa lokaci guda, yana iya nuna 100 alhali da sauran ƙarfinsa. Lokacin jira shi ne abin dogaro. Haka kuma in ka ga jira ya yi tsawo amma buƙatun ba su fi goma ko ashirin a daƙiƙa ba, to ba cunkoso ba ne, faifan ne ke neman mutuwa. Ka duba shi da `smartctl -a /dev/sda` da `dmesg`, ka kwashe bayananka tun da wuri.

Saura sanin wanda ya cika layin. A kan mai masauki, kowane baƙo aiki ne guda mai suna `kvm` ɗauke da lambarsa, don haka `iotop -o` zai jera maka masu taɓa faifai a wannan lokacin. Abin da ka turo ya nuna baƙon rumbun bayanai ba shi ne a sama ba. Baƙon ajiyar takardun ofis ne, wanda ba wanda ya yi ƙorafi a kansa. Da ka leƙa cikinsa ka tarar yana kwafe dubban ƙananan takardu zuwa ajiya. An tsara wannan aikin ya gudana cikin dare, amma ka ce kuna kashe sabar da yamma saboda rashin wuta. Manhajar `anacron`, da kuma agogon `systemd` mai `Persistent=true`, an yi su ne don su rama aikin da ya wuce da zarar an kunna na'ura. Aikin dare ya koma na hantsi, ya faɗo a daidai lokacin da malamai ke shigar da maki. Wannan abu ne da duk mai kula da saba a inda wuta ba ta tsayawa ya kamata ya duba tun farko.

Gyaran da ba ya cin ko sisi shi ne ka mayar da kwafin zuwa bayan tashi daga makaranta, kafin a kashe na'ura. Kana kuma iya yi wa wancan baƙon iyaka a saitin faifansa, ƙarƙashin `Bandwidth`, misali buƙatu 40 a daƙiƙa. Gyara mai ɗorewa shi ne ka sayi es-es-di ka mayar da rumbun bayanan kansa, domin amsarsa ba ta kai milisakan ɗaya ba a yawancin lokuta. Abu ɗaya nake roƙonka ka guje masa: za ka ji ana cewa a sa `cache=unsafe` baƙo ya yi sauri. Zai yi saurin, domin mai masauki zai riƙa cewa an rubuta alhali bayanan na cikin ram. Ranar da aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki, rumbun bayanan na iya lalacewa.

Mu koma ga furosesa, domin ko da ba shi ne mai laifi yau ba, ka ɗana masa tarko. Ginshiƙin ƙarshe, `st`, yana auna lokacin da baƙo ya shirya yin aiki amma mai masauki bai ba shi furosesan gaskiya ba, saboda yana hannun wani. Naka 2 ne, ba abin damuwa. In ya zauna sama da 10 na tsawon mintuna, nan ne nake fara zargin cunkoson furosesa. Bambancinsa da matsalar faifai a bayyane yake: `r` zai hau, `b` da `wa` za su sauka, kuma ko umarnin da ba ya taɓa faifai zai riƙa sarƙewa, har rubutun da kake bugawa ya riƙa makara kafin ya bayyana.

Ka ce baƙi uku na da furosesa 8 kowane, biyu na da 4. Jimla 32 ke nan a kan ƙwaya 8. Na san allon yana nuna maka 16, amma kowace ƙwaya ce ke ɗaukar zare biyu, kuma zare biyun ba su kai ƙarfin ƙwaya biyu ba. Rarraba fiye da abin da ake da shi ba laifi ba ne muddin baƙin ba sa tashi aiki tare. Ran da suka tashi tare, kamar makon jarrabawa, baƙo mai furosesa da yawa yakan sha wahala ta wata hanya ta daban. Furosesansa ɗaya na iya riƙe da makullin wani sashe na ƙwaƙwalwar tsarin sai mai masauki ya dakatar da shi don ya ba wani baƙo dama, sauran bakwai ɗin su tsaya suna ƙona lokaci wajen jiran makullin. Shi ya sa nake ba ka shawarar ka mayar da baƙon rumbun bayanan zuwa furosesa 4, ka rage wa masu zaman banza zuwa 2. Ka duba kuma ko an sa wa wani baƙo `cpulimit`, domin shi ma yana hana shi furosesa ko da mai masauki na hutawa.

Gargaɗi ɗaya game da `wa`. Wani yanki ne na lokacin hutu, don haka in furosesan baƙo ya cika da wani aiki, `wa` zai faɗi ƙasa ko da layin faifai na nan yadda yake. Tun daga Linux 4.20 akwai awon da ba shi da wannan aibin:

```
cat /proc/pressure/io
cat /proc/pressure/cpu
```

Lambar `avg10` a layin `some` ita ce kason daƙiƙa goman da suka wuce wanda aƙalla aiki ɗaya ya tsaya jiran wannan abin. Ka karanta su biyun a kan mai masauki da hantsin gobe, kafin ka matsar da kwafin, ka rubuta a takarda. Ka sake karantawa jibi a daidai wannan lokacin bayan ka matsar. In ta faifai ta sauko kuma `r_await` ya dawo kusa da goma, ka samu mai laifin. In ta sauko amma shafin bai daina nauyi ba, ka turo mini `vmstat` na baƙon tare da jerin tambayoyin da rumbun bayanan ya fi daɗewa a kansu, mu duba daga can.